Minti nawa ake ƙetare kogin? Tambayoyi da amsoshi kan lissafin lokacin fito a Logon da Shari

Masu fatauci tsakanin Kamaru da Cadi, da masu zuwa biki ko gaisuwar mutuwa a ƙetare, kusan tambayarsu ɗaya ce idan sun nufi bakin ruwa: yaushe zan isa can? Akwai gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena tun 1985, an kuma buɗe ta Yagwa zuwa Bongor a 2025, amma a sauran mashigai, irin na Pus da Katowa, ko Logon Birni, ko Bulangwa a bakin Shari, har yanzu sai da jirgi. Alƙaluman da ke cikin misalan nan na koyon lissafi ne, kowa ya sa na mashiginsa a gurbinsu.

Mai jirgi ya ce mini minti biyar ne, amma na share awa biyu. Ƙarya ya yi mini?

Bai yi ƙarya ba, Alhaji, abin da ka tambaye shi ya amsa. Shi a wurinsa fito yana farawa ne daga inda ya tura jirgi da gora zuwa inda goshin jirgin ya taɓa yashin ƙetare. Kai kuma tafiyarka ta fara tun da ka sauka daga babur a bakin ruwa, ba ta kuwa ƙare ba sai an ɗaure maka kaya a wancan gefen.

Tsakanin waɗannan biyun akwai abu huɗu: jiran jirgi ya cika, lodi, tafiyar kan ruwa, sai saukewa da tsayawa gaban ma'aikatan iyaka. A yawancin ranaku tafiyar kan ruwa ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu, jira kuma shi ne babba. Saboda haka idan za ka yi tambaya, ka canza ta. Ka ce, "Baba, jirgin da ya tashi ɗazu, tun yaushe ya fara ɗaukar mutane?" Amsar wannan ta fi yi maka amfani nesa ba kusa ba.

Ta yaya zan san ƙarfin gudun ruwa ba tare da na'ura ba?

Da kara da agogon waya. Ka auna tafiyar mita 20 a gaɓa, wajen taku 25 zuwa 28 ke nan na babban mutum, ka sa alama a farko da ƙarshe. Ka jefa kara ko guntun itace can cikin ruwa daidai alamar sama, ka ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya iso ta ƙasa. Idan daƙiƙa 20 ya yi, ruwan yana cin mita 1 a daƙiƙa, wato kilomita 3.6 a awa. Idan daƙiƙa 40 ya yi, rabin haka ne. Idan 13 ne ko 14, ruwan ya kai mita ɗaya da rabi, wannan kuwa ruwa ne mai ƙarfi ga duk jirgin da ba shi da inji.

Inda mutane ke ruɗin kansu shi ne su jefa karan a bakin gaɓa. Ruwan gefe malalaci ne, ƙasa da ciyawa suna riƙe shi, wani wurin ma juyawa yake yi yana komawa baya. Ƙarfin yana tsakiya, ko kuma a gefen da kogi ya yi kwana yana cin ganuwa. In hannunka ba zai kai kara can ba, ka zuba ido kan tarkacen da ruwa ke ɗauke da shi a tsakiya, ciyawa ko reshe, ka bi shi da agogo tsakanin alamominka. Ka yi sau uku ka ɗauki na tsakiya. Ranar da ake iska kuma ka zaɓi itace mai nauyi wanda ya ɗan nutse, domin busasshen kara iska yake bi, ba ruwa ba.

Tsofaffin masu fito ba sa wannan awon. Kallon launin ruwa, da yadda yake murɗawa jikin turke, da igiyar jirgin da ke ɗaure, ya ishe su. Wanda ba a haife shi a bakin ruwa ba gara ya auna.

To na san gudun ruwan. Ya zan fitar da lokacin ƙetarewa?

Kana bukatar abu biyu kuma: faɗin ruwan, da saurin jirgin a ruwan da ba ya gudu. Mu ɗauka faɗin mita 400 ne.

Matuƙi yana da zaɓi biyu. Na farko, ya saita goshin jirgi tsaye zuwa ƙetare ya bar ruwa ya yi yadda ya ga dama da shi. A nan gudun ruwa ba ya ƙara masa ko daƙiƙa ɗaya wajen isa wancan gaɓar: faɗi ne kawai a raba da saurin jirgi. Illar ita ce ba zai sauka inda yake so ba, ruwa zai ja shi ƙasa gwargwadon daɗewarsa a ciki. Na biyu, ya karkata goshin jirgi sama yana dannar ruwa, domin ya sauka daidai mashigin da ke kallonsa. A nan wani kaso na ƙarfin jirgin yana ƙarewa ne a kokawa da ruwa, abin da ya rage shi ke kai shi ƙetare.

Lissafin wannan ragowar shi ne: ka ninka saurin jirgi da kansa, ka ninka gudun ruwa da kansa, ka ɗebe na biyu daga na farko, sannan ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ya rage. Ga shi a aikace. Jirgi mai inji yana cin mita 2.5 a daƙiƙa, kilomita 9 a awa ke nan, ruwa kuma yana gudun mita 1.5. Na farko ya ba da 6.25, na biyu 2.25, saura 4, lambar da muke nema ita ce 2. Jirgin yana ƙetarawa da mita 2 a daƙiƙa, zai yi daƙiƙa 200, minti uku da ɗoriya. Da ruwan a kwance yake, daƙiƙa 160 zai yi. Duk ƙarfin ruwan nan daƙiƙa 40 kawai ya ci masa.

Yanzu a cire inji a ba mutane filafili. Kwale-kwale mai kaya, a ce yana cin mita 1.25 a daƙiƙa. A ruwa kwantacce daƙiƙa 320 ne, minti biyar da kaɗan. Ruwa mai gudun mita 1 zai bar masa 0.75 kacal, tafiyar ta koma kusan minti tara, matuƙa suna haki. Idan ruwan ya kai 1.25, lissafin ya faɗi sifili: jirgin zai tsaya cik yana kallon sama, bai gaba bai ƙetare. Abin lura shi ne jinkirin ba ya ƙaruwa a hankali. Muddin jirgi ya ninka ruwa biyu a sauri, abin da zai ƙaru bai kai kashi ɗaya cikin shida na lokacin ba. Da ruwan ya matso kusa da saurin jirgi, sai lokacin ya yi tsalle.

Shi ya sa masu kwale-kwale ke fara haurawa sama ta gefen gaɓa kafin su tsallaka?

Shi ne dalili. Ruwan da ya fi ƙarfin filafili ba a yi masa gaba da gaba. Sai a bi gefe inda ba shi da ƙarfi, ana tunkuɗawa da gora, a haura sama daidai nisan da aka san zai ja jirgin, sannan a saki a bar shi ya kawo mutane mashigi da kansa.

Wannan haurawar ce ke cin lokacin da baƙo bai lissafa ba. A misalinmu, kwale-kwalen zai yi daƙiƙa 320 a tsakiyar ruwa. Ruwa mai gudun mita 1.5 zai ja shi mita 480 a cikin wannan lokacin. Kafin ya haura mita 480 da gora, a ce rabin mita a daƙiƙa, minti 16 sun tafi. Fiton da ake yi cikin minti biyar a ruwa kwantacce ya zama minti 21. A dawowa ma sai an sake haurawa, domin ruwa ƙasa yake ja ko daga wane gefe aka taso. A gaskiya janyewar ba ta cika kai yadda lissafi ya nuna ba, tunda gefe da gefe ruwan ba shi da ƙarfi kamar tsakiya, amma gara mutum ya lissafa da yawa.

Idan ka ga matuƙi ya juya baya ga inda za ku yana bin gaɓa, kada ka ɗaga masa murya. Ya san abin da yake yi.

Ni ba ƙetarewa nake yi ba, ƙauyen da ke sama nake zuwa in dawo. Abin da na rasa a hawa ai zan mayar a gangara?

Ba za ka mayar ba, kuma wannan kuskuren ya bar mutane da yawa da tanki babu mai a tsakiyar hanya. A ce ƙauyen yana kilomita 12, jirgi yana cin kilomita 10 a awa, ruwa yana gudun 4. A hawa saurinku 6 ne, awa biyu cur. A gangara 14 ne, wajen minti 51. Jimla awa biyu da minti 51. Da babu gudun ruwa, awa biyu da minti 24 ne zuwa da dawowa. Ruwa ya daɗe yana cutarka a hawa, ya kuma taimake ka na ɗan lokaci a gangara, shi ya sa ba sa yin daidai.

Man fetur ma da awa ake lissafa shi, ba da kilomita ba. Inji yana shan mai ne gwargwadon daɗewarsa yana aiki. Wanda ya gangara da lita biyar ya sayi biyar don komawa, a hanya zai tsaya.

A ina zan samu faɗin kogin da saurin jirgin?

Taswirar waya tana auna nisa tsakanin wuri biyu, amma hoton da ke cikinta na rana ɗaya ne, mai yiwuwa na rani, don haka ka dubi inda ruwa ya kai yau ka sa alamarka a can. Saurin jirgi kuwa waya tana nunawa idan kana ciki, sai dai abin da take nunawa saurinku ne a kan ƙasa, har da taimakon ruwa ko cikas ɗinsa. Ka duba a hawa, ka duba a gangara: rabin jimlarsu shi ne saurin jirgin, rabin bambancinsu shi ne gudun ruwan. Mafi sauƙi dai ka tsaya a gaɓa ka bi jirgi biyu ko uku da agogo daga tashi zuwa sauka.

Da rani ruwa ya janye, kogi ya tsuke. Ke nan fito ya fi sauri?

A kan ruwa, sau da yawa haka ne. Daga babur zuwa babur kuwa, ba lallai ba. Wajen Afrilu da Mayu Logon yana komawa ƙasa ƙwarai, tsibiran yashi su fito, mashigi ya gudu ya bar inda yake da damina. Mai babur zai ajiye ka a tsohuwar gaɓa, sai ka taka rairayi mai zafi da ƙafa, 'yan dako su yi ta jigilar buhu ɗaya-ɗaya domin amalanke ba ya tafiya a yashi. Jirgin ma ba ya miƙewa, hanyar ruwa mai zurfi yake bi yana kewaye tsibirai, wani wurin a ɗaga inji kada farfela ta ci yashi a koma ga gora. Idan ya dafe, maza su sauka su tura. Bak, wato babban jirgin fito mai ɗaukar motoci, ya fi kowa shan wahalar wannan lokacin, domin shi sai da zurfi da kuma gangaren da mota za ta iya hawa.

Cikar ruwa kuma ba ta bin ruwan saman garinku. Logon daga tsaunukan Adamawa da na Afirka ta Tsakiya yake tasowa, sai ya ɗauki makonni kafin ya iso arewa. A wajen Bongor da Pus yakan cika a Satumba zuwa Oktoba, a Njamena kuma, inda ya haɗu da Shari, ruwa yakan kai ƙarshensa ne a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da sama ta riga ta ɗauke. Baƙo ya ga gari ya bushe, an fara girbi, ya ɗauka kogi ma ya sauka, sai ya tarar da shi maƙil. A shekarun ambaliya irin 2022 da 2024 har hanyar zuwa bakin ruwan ta nutse a wurare da dama, aka koma hawa kwale-kwale tun daga cikin unguwa. A irin wannan shekarar lokacin da ka sani na bara ba shi da amfani.

A Binuwai ƙasa da Lagdo, har zuwa Garwa, akwai ƙarin abu: madatsar da aka gina a 1982. Idan aka saki ruwa, kogi yana iya tashi ba tare da an ga hadari ba.

Jiran cikar jirgi fa, ana iya lissafa shi, ko sai dai haƙuri?

Ana iya, kuma nan ne lissafi ya fi biyan mai yinsa. Jirgin fasinja ba shi da agogo, cika ce ke tayar da shi. Ka tambayi ɗan kamasho mutum nawa jirgin ke tashi da su, ka ƙirga waɗanda ke ciki, sannan ka zauna minti goma kana ƙirga masu shigowa. Jirgi na mutum 30, akwai 12 a ciki, saura 18. A minti goma mutum uku suka zo. Awa guda ke gabanka, je ka sha shayi.

Amma fa mutane ba sa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗigon famfo. A dunƙule suke zuwa: motar Marwa ta sauke mutum goma sha biyar a lokaci guda, ko a sallame sallah, ko kasuwa ta fara watsewa. Saboda haka tambaya ta biyu ita ce, akwai motar da ake jira? Ka kuma kula da gefen da jama'a ke kwarara. Ranar kasuwar Pus, Talata, da safe jiragen da ke zuwa Pus cike suke tasowa, mai son ƙetarawa zuwa Katowa a lokacin yana iya samun jirgi ya tashi da shi kusan wayam domin matuƙi yana sauri ya je ya ɗebo wasu. Da yamma abin ya juye. Ranar da ba kasuwa, tsakar rana ita ce mafi muni, kowa yana inuwa.

Wani abu kuma: ba duk wanda ke zaune cikin jirgi ne matafiyi ba. Akwai yaran jirgi, da 'yan rakiya, da masu talla, da wanda ya shiga don hira. Ka ƙirga masu kaya a gabansu da waɗanda aka karɓi kuɗinsu. Kalmar "saura mutum biyu" kuwa, duk wanda ya saba da tasha ya san nauyinta.

Idan lokacinka ya fi kuɗin tsada, ka tambayi kuɗin gurbin da suka rage ka biya, ko ku haɗa da wasu masu sauri. Sau da yawa hakan ya fi shata arha.

Mota nake da ita, zan hau bak. Lissafin ɗaya ne?

A'a, Hajiya, shi bak zagaye ake lissafa masa. Ki nemi abu uku: mota nawa yake ɗauka a tafiya ɗaya, minti nawa yake yi kafin ya je ya dawo, ke kuma ta nawa ce a layi. A ce lodi minti 15, ƙetarawa 10, saukewa 5. Rabin awa ke nan a gefe ɗaya, zagaye cikakke awa guda. Yana ɗaukar ƙananan motoci huɗu, ke ce ta goma. Tafiyar farko ta kwashi huɗu, ta biyu huɗu, ke sai a ta uku. Idan kin iso yana fara lodi, jiranki awa biyu ne, ki ƙara rabin awar tafiyarku, awa biyu da rabi kafin tayarki ta taka ƙasar ƙetare. Idan kuma kin iso yana tashi, ki ƙirga motocin da ya bari a gabanki, ki fara lissafi daga dawowarsa.

Ki bi layin da ido, kada ki tsaya ga adadi. Babbar mota guda tana iya cinye wurin ƙanana uku ko duka, kuma shigar da ita ya fi daɗewa, domin sai an daidaita ta a tsakiya kada bak ya karkata. Motar da ta kafe a gangaren shiga tana tsayar da kowa. Motocin hukuma da na marasa lafiya suna wucewa gaba. Ga hutun sallah da na abinci, ga ranar da za a ce ana jiran gas. Ni a lissafina ina ƙara zagaye ɗaya a kan abin da ya fito, kuma ba na ɗaukar wannan a matsayin tsoro.

Me ke sa lodin kwale-kwale ya daɗe haka?

Tsari yake da shi. Masu nauyi, buhunan shinkafa ko gero ko siminti, su ake fara jerawa a ƙasa a tsakiya, sai marasa nauyi a sama, mutane daga ƙarshe. Wanda ya zo da buhu goma bayan jama'a sun zauna, sai an tayar da rabin jirgi. Lissafinsa mai sauƙi ne: ɗan dako ɗaya yana kai buhu ya dawo cikin minti biyu, su biyu ne, buhu 20, minti 20 ke nan. Da rani da nisa ya ninka, lokacin ma ya ninka. Babur yana cin minti biyu zuwa biyar, ya danganta da ko akwai katakon hawa. Dabbobi ba su da lissafi, tunkiya ɗaya mai taurin kai ta isa.

Kaya suna rage saurin jirgi ma. Inji mai doki 15 da ke tashi da jirgi wayam, idan aka danƙara masa kaya sai ya koma jan ciki, a nan kuma ne gudun ruwa ke fara yin tasiri kamar yadda aka nuna a sama. Kafin ki shiga ki dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Idan bai wuce faɗin tafin hannu ba, ga ruwa a cike, ga iska, maganar lokaci ta ƙare, ki jira na gaba. In akwai rigar ruwa a sa ta.

Iska da hazo suna da tasiri?

Suna da shi, musamman wajen hana tashi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Logon da Shari kuma arewa suka nufa, to inda iska ta yi karo da ruwa sai igiya ta tashi gajera mai tsini, matuƙi ya rage wuta don kada ruwa ya shigo. Da sassafe ruwan ya fi kwanciya, iskar takan yi ƙarfi ne da hantsi. Da damina idan hadari ya haɗo daga gabas, mai hankali ba ya sakin igiya sai iskar gabansa ta wuce, wannan kuwa yana iya cin rabin awa ko fiye. Inda dorina ke zama ana kewaye mata, ba a gardama da hakan.

Gobe zan kai buhu 12 ƙetare in dawo a ranar. Ƙarfe nawa zan fito?

Mu jera shi tare, ɗan'uwa, daga ƙarshe zuwa farko, domin abin da ba ya motsi shi ne faɗuwar rana. A ce watan Nuwamba ne. A wannan yankin rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi, kusan rabin awa kafin ta Kano, duk da agogon ɗaya ne. Baƙi daga Najeriya sukan manta da wannan. Fito yana tsayawa kafin duhu, a mashigin iyaka kuma ma'aikata suna da lokacin rufewarsu, wanda sai ka tambaya a wurin tun da safe.

Kana so ka dawo gaɓarku ƙarfe biyar. Dawowa babu kaya: takardu minti 15, jira minti 40, ruwa minti 10, awa ɗaya da minti biyar ke nan. Ka ƙara rabin awa don abin da ba a sani ba. Dole ka kasance a bakin ruwan ƙetare kafin uku da rabi. Cinikinka da sallar azahar da abinci, a ce awa uku da rabi, ke nan kayanka su kasance a kasuwa da sha biyun rana.

Tafiya da kaya kuma: ciniki da 'yan dako da duwan, wato kwastan, minti 30, jiran cika minti 45, lodi minti 15, ruwa cike yake a Nuwamba a ba shi minti 10, saukewa 15, ma'aikatan wancan gefen 20, amalanke zuwa kasuwa 15. Awa biyu da rabi. A ƙara rabin awa, uku. Ka isa bakin ruwa da ƙarfe tara, ba ka bar gida da tara ba. A cikin awa ukun nan minti goma ne kawai kake kan ruwa.

Idan ka ga ƙarfe goma da rabi ta yi jirgi bai kai rabi ba, lokacin yanke shawara ya yi: ko ka biya gurbin da suka rage, ko ka kira mai masaukinka a ƙetare ka ce a shimfiɗa maka tabarma. Jirgin ƙarshe na yamma shi ne wanda aka fi cika wa kaya, kowa yana tsoron kwana, ga duhu yana shigowa, don haka kada ka gina lissafinka a kansa.

Wa ya kamata in tambaya idan ban san mashigin ba?

Mai shayi ko mai tuyar kifi da ke zaune a wurin tun safe, domin ba su da riba a shigarka jirgi. Sai wanda ya sauko yanzu daga ƙetare, shi zai gaya maka yadda layin can yake. Sarkin fito ko dattijon da ke kula da mashigin ya san ruwan, ka gaishe shi yadda ya kamata ka tambaye shi ko ruwa yana hawa ne ko yana sauka a kwanakin nan, kuma jirgi nawa ke aiki yau. Idan jirgi biyu ne jiya yau ɗaya yana gyaran inji, duk jiran da aka faɗa maka jiya ka ninka shi biyu.